Digiri 56.3: kusurwar da haske ke ƙin dawowa daga gilashi

Idan haske ya faɗo daga iska a kan gilashin taga tsaye cak, kashi 4 cikin 100 ne ke dawowa daga fuskarsa ta gaba, sauran ya ratsa ciki. Wannan 4 ɗin daga lamba ɗaya ta fito, wato 1.5, ma'aunin yadda gilashi ke lanƙwasa haske: a cire 1 a samu 0.5, a ƙara 1 a samu 2.5, a raba a samu 0.2, a ninka ta da kanta a samu 0.04. Da an karkata hasken kuwa, sai lissafin ya rabe biyu.

Haske igiya ce mai kaɗawa a gicciye da hanyar tafiyarta. Ka ɗauka an tsayar da takarda a kan gilashin, tana ɗauke da hasken da ke faɗowa da wanda ke dawowa. Hasken da ke kaɗawa a cikin shafin takardar ana kiransa p, mai kaɗawa yana huda ta kuma s. Kusurwa kuma ana auna ta ne daga layin da ya miƙe tsaye a kan gilashin, kuma a nan ɗalibai da dama ke tuntuɓe.

Da lissafin da Augustin Fresnel ya fitar a 1823, s hawa kawai yake yi: kashi 5.8 a digiri 30, kashi 9.2 a digiri 45, kusan kashi 30 a digiri 70. Shi kuwa p gangarowa yake yi, daga 4 zuwa 2.5 a digiri 30, ya koma ƙasa da 1 a digiri 45, har ya ɓace ɗungurungum a digiri 56.3. Daga nan ya sake tasowa, ya ɗan haura 4 a digiri 70, ya kusa 24 a digiri 80. A daidai inda p ya zama sifili, s na dawo da kashi 14.8. Saboda haka hasken rana, wanda rabi p ne rabi s, yana dawo da kashi 7.4 a wannan kusurwa, kuma dukkansa s ne zalla.

David Brewster ne ya wallafa ƙa'idar a 1815, shekara bakwai bayan Étienne-Louis Malus ya lura da abin a hasken tagogin fadar Luxembourg da ke Paris:

```
tan θ = n
```

A sa 1.5 a gurbin n a samu kusurwa θ ta 56.3. Ruwa, mai 1.33, yana ba da 53.1, lu'ulu'u mai 2.42 kuma 67.5.

Dalilin ɓacewar shi ya fi burge ni. A wannan kusurwa hasken da ya shiga gilashi yana lanƙwashewa zuwa digiri 33.7, kuma 56.3 da 33.7 sun cika 90 cif. Ke nan hanyar da haske zai dawo ta yi kwanar digiri 90 da hanyar da ya bi a cikin gilashin. Hasken da muke gani ya dawo, ƙwayoyin lantarkin cikin gilashi ne ke fitar da shi yayin da suke kaɗawa, kuma ba sa aika komai ta layin da suke kaɗawa a kai. Ga hasken p, layin kaɗawarsu ya faɗa daidai kan hanyar dawowa, sai aka rasa abin da zai bi ta.

Ana iya gani a gida. Ka shimfiɗa baƙin ƙyalle a tebur, ka ɗora gilashin luba a kai, ka liƙa ɗan alama a tsakiyarsa. Idonka ya kasance santimita 30 sama da gilashin, santimita 45 a kwance daga alamar, domin 45 a raba da 30 shi ne 1.5 ɗin nan. Wani ya riƙe kwamfutar cinya mai allon LCD a ɗaya ɓangaren, da farin shafi a buɗe, ya riƙa juya ta a hankali kamar sitiyari. Hasken irin wannan allo ta fuska ɗaya yake kaɗawa, don haka a wani matsayi hotonsa a gilashin zai dushe kusan baƙi ƙirin, in an ƙara juyi na digiri 90 ya dawo fes. Bayan gilashin ma ba ya ɓata gwajin, don hasken yana isa can a digiri 33.7, wadda ita ce kusurwar ɓacewa daga ciki.

In hoton bai dushe ba, duba ko madubi ka ɗauka, domin rufin ƙarfen bayansa ba ya sauka sifili a kowace kusurwa. In ya dushe amma da saura, ba laifinka ba ne: allon faɗi gare shi, kowane sashensa da kusurwarsa, kuma lambar gilashi tana ɗan bambanta da launi, shuɗi ya fi ja da kaɗan, abin da ke raba kusurwoyinsu da kusan sulusin digiri. Kada ka takura wa kanka da awo ma, tunda daga digiri 50 zuwa 60 abin da p ke dawowa da shi bai kai rabin kashi 1 ba.