Waɗanda Suka Zo a Maris, Ina Suka Tafi?

Mai shagon ɗura iskar gas zai iya duba littafinsa ya ga ciniki na ƙaruwa, hankalinsa ya kwanta, alhali ruwa yake ɗiba da kwando. Jimillar masu saye a wata tana cuɗa sabo da tsoho, sai sababbin zuwa su rufe gurbin waɗanda suka gudu. Maganin wannan ruɗu shi ne a raba kwastomomi rukuni-rukuni bisa watan da suka fara rajista, a bi sawun kowane rukuni shi kaɗai.

A ce mai shagon yana rubuta lambar wayar duk wanda ya saya, ya fitar da wannan jadawali a ƙarshen Afrilu:

| Watan rajista | Sababbi | Bayan wata 1 | Bayan wata 2 | Bayan wata 3 |
|---|---|---|---|---|
| Janairu | 200 | 120 | 100 | 96 |
| Fabrairu | 250 | 150 | 125 | |
| Maris | 400 | 120 | | |
| Afrilu | 300 | | | |

Wanda ya fara a Janairu ɗan layin Janairu ne har abada, ko sau nawa ya dawo. Kowane adadi kuma ana raba shi ne da na farkon layinsa: 96 cikin 200, wato kashi 48 cikin ɗari. Bi layin nan a kwance, za ka ga zubewar ta yi yawa a watan farko, sannan ta lafa. Mutum 96 ɗin nan su ne ƙashin bayan shagon.

Amma ni inda na fi tsayawa shi ne karatu daga sama zuwa ƙasa. Dubi "Bayan wata 1". Janairu kashi 60, Fabrairu kashi 60, sai Maris ya faɗo kashi 30. A ce a watan ne ya yi rangwame. Mutum 400 suka yi tururuwa, ninkin na Janairu, amma waɗanda suka dawo 120 ne cif, daidai da na Janairun da bai rage ko kwabo ba. Rangwamen masu neman araha ya jawo, suka ɗura suka ƙara gaba. Jimillar masu saye ba ta tona wannan ba, domin daga 650 a Maris zuwa 641 a Afrilu kawai ta motsa.

Gurabun da babu komai ba sifili ba ne, lokacinsu ne bai yi ba. Kada kuma a lissafa watan da bai ƙare ba, zai nuna faɗuwar ƙarya.

Sai a lura da ma'aunin kansa. Idan tukunya mai kilo 12.5 tana kai wa gida mako shida, uwargidan da ta ɗura a ƙarshen Maris ba za ta leƙo ba sai Mayu, jadawalin kuwa ya riga ya sa ta cikin waɗanda ba su dawo ba. Kafin mai shago ya yanke hukunci kan 'yan Maris, ya jira ya ga abin da gurbinsu na wata 2 zai nuna.