Kafin A Ce “Kaya Sun Iso”: Yadda Ake Fito Da Sabuwar Haja A Kafofin Sada Zumunta

Duk mai duba waya ya saba ganin irin sanarwar nan ta 'yan kasuwa: baƙin hoto, an rubuta “wani abu na nan tafe” a tsakiya. A saka yau, a saka gobe, har mutane su daina tsayawa a kai. Ranar da kayan suka fito kuma sai saƙonni su yi wa mai hajar rubdugu, wannan na tambayar farashi, waccan na cewa ta tura kuɗi tun safe ba a kula ta ba. Bayan kwana uku shafin ya yi tsit, rabin kaya na jibge a ɗaki. Galibi ba kayan ne ba su da kyau ba. An fara shirin ne daga hoto da bidiyo, alhali daga lissafi ya kamata a fara, a riƙa ƙirgowa baya daga ranar da ake so kaya su isa hannun mai saye.

Mu ɗauki misalin wata mai haɗa turaren wuta a Kano da ke son fito da sabon haɗi saboda ƙaramar sallah. A ce ta haɗa kwalabe 300, kowace ta tsaya mata a kan naira 3,000 har da kwalba da takardar suna, wato naira 900,000 ke nan. Ta ware naira 100,000 don kwali, leda, data da kuɗin masu talla, jarinta ya zama miliyan ɗaya. Cikin kwalaben za ta rarraba 20 a ƙananan robobi don a gwada, ta ajiye 30 saboda fashewa a mota ko canji, saura 250 na sayarwa. Idan ta sa naira 5,000, sai ta sayar da 200 kafin uwar kuɗinta ta dawo. Wannan 200 ɗin ita ce ma'aunin duk abin da za ta yi a Instagram, TikTok ko WhatsApp. Akwai kuma adadi na biyu da ake yawan mantawa: ita da ƙanwarta oda nawa za su iya naɗewa su kai tasha a rana? In 40 ne, to ko da kayan sun ƙare a yini guda, aika su zai ci kusan mako, kuma dole alkawarin da za ta yi wa jama'a ya dace da hakan.

Sai zaɓen rana. Goman ƙarshe na azumi kuɗin mutane ya tafi wajen tela da kayan yara, tashoshin mota sun cika, saƙo na kwana a hanya. Don haka ta tsayar da 10 ga Ramadan. Daga nan ta ƙirgo baya: jan hankali zai fara ranar 1 ga wata, rabon na gwaji tun tsakiyar Sha'aban, hotuna da bidiyo kuwa a gama su kafin a ga wata, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kwanaki goman jan rai

Turare yana da wata matsala da atamfa ko takalmi ba su da ita: waya ba ta kai ƙamshi. Mai kallo na iya ganin hayaƙi na tashi daga kasko, amma hancinsa bai shaida komai ba. Shi ya sa rabon na gwaji ya riga komai. Robobi sittin ɗin da suka fito daga kwalabe 20 su je hannun tsofaffin kwastomomi, masu gyaran jiki da masu lalle, mutanen da mata ke zama wurinsu ana hira. Ba yabo kawai za ta nema daga gare su ba. Ta tambaye su abin da mai saye zai tambaya: yana kama kaya? Awa nawa yake yi a ɗaki? Yana ƙauri in ya jima a kan garwashi? Amsoshin nan, da izinin masu su, su ne kayan tallarta na gaba. In kuma mutum biyar sun ce yana hawa kai, gara ta ji yanzu tun da sauran damar gyara.

Kowace sanarwa a kwanakin nan ta ƙara wa mai kallo wani abu da bai sani ba jiya. Ranar farko a nuna hannu yana cuɗa itacen da turare a cikin babbar roba, ba tare da suna ba. Bayan kwana biyu a faɗi abin da ke ciki, misali sandal da hawi. Sannan kwalbar, sannan muryar wadda ta gwada, sannan suna da rana. Farashi kuwa, ina ganin kuskure ne babba a ɓoye shi har ranar fitowa. A faɗe shi saura kwana uku, domin mai albashi ko matar da za ta roƙi maigida ta samu lokacin tanadi, ita ma mai kayan ta huta da amsa “nawa ne?” sau ɗari a ranar da hannunta ya fi cika.

Amma ainihin aikin waɗannan kwanaki shi ne tara sunaye. TikTok da Instagram na kai bidiyo gaban baƙin ido, sai dai cinikin mutanenmu a WhatsApp yake ƙarewa. Saboda haka kowane bidiyo ya rufe da buƙata guda: duk mai so a ajiye mata, ta turo kalmar “sallah” ta wannan lamba, kuma ta adana lambar a wayarta. Adanawar ba ƙawa ba ce. Saƙon da ake watsa wa mutane da yawa lokaci guda a WhatsApp ba ya isa sai ga wanda ya adana lambar mai aikowa, kuma jeri ɗaya ba ya wuce mutum 256. Wadda ta tara suna 400 tana buƙatar jeri biyu.

Da wannan jerin za ta gane ko shirin na tafiya. Idan ta ƙaddara, don taka-tsantsan, cewa mutum ɗaya cikin huɗu ne zai biya, suna 400 na nufin kwalba 100 a ranar farko, rabin abin da take bukata ke nan. Idan kuwa saura kwana uku sunayen ba su wuce 60 ba, alhali bidiyon ya samu kallo dubbai, to masu kallon ba masu sayen ba ne, ko kuma ba a faɗa musu abin da za su yi ba. Haka ma batun 'yan TikTok da ake biya su yi talla. Kafin ta biya, ta nemi ganin garuruwan da mabiyansu suke, sannan ta ba kowannensu kalmarsa ta daban da mai saye zai turo. Nan take za ta san wanda ya kawo ciniki da wanda ya kawo 'yan kallo.

Abu ɗaya da bai kamata a yi wasa da shi ba: abin ci, abin sha da abin shafawa a jiki suna buƙatar rajistar NAFDAC, tallace-tallace kuma akwai hukumar ARCON da ke sa ido a kansu. Kada zumuɗin talla ya sa a jingina wa kaya maganin cuta ko mallakar miji.

Ranar fitowa

A azumi agogon mutane ya juya. Da rana ana fama da aiki da girki, waya ba ta samun hankalin mata sosai sai bayan asham. Don haka ta buɗe da ƙarfe 9:00 na dare, amma masu jerin suna su samu saƙo tun 8:00. Wannan awa ɗaya ita ce ladan rubuta sunansu, kuma cinikin da suka fara shi ne shaidar da za a nuna wa sauran jama'a.

Sanarwar ta ƙunshi komai a wuri guda: girman kwalba, farashi, kuɗin aikawa cikin gari da wajen gari, da ranar da kaya za su tashi. A WhatsApp Business akwai Catalog na jera kaya da farashi, akwai Quick replies inda ake adana amsa a kira ta da alamar / kawai. Lambar asusu, kuɗin mota zuwa Kaduna ko Abuja, yadda ake amfani da turaren, duk a shirya su tun jiya. A raba aiki kuma. Ita tana kan bidiyon kai-tsaye tana amsa tambayoyi, ƙanwarta na kan saƙonni da littafin oda: suna, gari, adadi, an biya ko ba a biya ba. Kada a rubuta “an biya” saboda hoton rasit ko alat ɗin da aka turo, sai an buɗe manhajar bankin an ga kuɗin sun zauna. Masu alat na bogi sun fi son irin wannan dare na cunkoso.

A riƙa faɗin abin da ya rage a Status, amma a faɗi gaskiya. Wadda ta ce “saura goma” yau, mako mai zuwa ta sake cewa “saura goma”, ta koya wa kwastomominta cewa maganarta ba abin riƙewa ba ce.

Makonnin da ribar take

A ce an wayi gari ta sayar da 110. Har yanzu saura 90 kafin jari ya dawo, ribar duka tana cikin 50 na ƙarshe. A daidai nan ne da yawa ke gajiya su yi shiru, ko su firgita su karya farashi, wanda hakan cin fuska ne ga waɗanda suka biya cikakken kuɗi jiya.

Makon farko na aika kaya ne da nuna aikawar: kwalaye a jere, direba na karɓa a tasha, saƙon wadda ta ce “Hajiya, sun iso lafiya, har maƙwabta na tambaya.” Bayan kwana biyu da isar kaya a tuntuɓi kowace mai saye. Wadda kwalbarta ta fashe a maye mata daga 30 ɗin nan tun kafin ta kai ƙorafi bainar jama'a.

Mako na biyu ta koma kan mutum 290 da suka rubuta suna ba su saya ba, ta karanta hirarrakin ta ga inda maganar ta tsaya. In yawanci sun ɗauke wuta ne bayan jin kuɗin aikawa, mafita ita ce haɗa odar gari ɗaya a kwali guda, mutum ɗaya ya karɓa a Zariya ko Katsina a raba kuɗin mota. In farashin ne ya yi nauyi, a fito da rabin kwalba a kan naira 2,800, babbar ta tsaya a kuɗinta. Sannan a sanar da ranar rufe odar wajen gari, 24 ga Ramadan, wadda wa'adi ne na gaske domin bayanta ba wanda zai iya lamunce isar saƙo kafin idi.

Bayan sallah da mako biyu kwalaben farko sun fara yin ƙasa, ga kuma bukukuwan aure da ake yawan sawa a Shawwal. Sai ta buɗe littafin oda ta aika wa waɗanda suka saya saƙo su kaɗai, da tayin haɗin amare. Yawan waɗanda suka dawo da kansu, ba tare da ta sake biyan ɗan talla ko sisi ba, shi zai gaya mata ko ta haɗa 300 a zagaye na biyu, ko 600, ko kuma ta sake duba haɗin kafin ta sayi itace.