Mayahi: Abin da malamai ke nufi da “shafe aya”, da yadda aka haramta giya daki-daki

A wuraren tafsirin azumi a Mayahi da Tasawa, kamar sauran garuruwan jihar Maraɗi, mai jan baƙi kan jawo aya ta 43 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana muminai kusantar salla suna cikin maye, sai malam ya fassara ta, ya ƙara da cewa an shafe ta. Dattawa sun saba jin haka, ba sa ko ɗaga kai. Matasa ne kalmar ke tsaya wa a rai, musamman waɗanda suka fita ci-rani Libiya, Aljeriya ko Legas, inda suke haɗuwa da masu cewa Alƙur'ani yana karo da juna, ko masu cewa ai sallar mai maye kawai aka hana, ba shan ba.

Tambayar da ke biyo baya ita ce: idan an shafe ayar, me ya sa har yanzu take cikin Littafi, ana rubuta ta a allo, ana karanta ta a salla?

Kalmar Larabcin ita ce naskhi. A wurin malaman usulu, ma'anarta ɗauke wani hukunci na shari'a da wani dalili na shari'a da ya zo bayansa. Ayar da ta zo da sabon hukunci ita ce nasikhi, wadda aka ɗauke hukuncinta kuma mansukhi. Fassarar “shafewa” ce ke ruɗa mutane, domin tana kawo hoton wanke allo. A irin wannan naskhin ba a taɓa lafazi ba, kuma ladan karatu yana nan. Aiki da tsohon hukuncin ne ya ƙare. Malamai suna kafa hujja da aya ta 106 a Baƙara da ta 101 a Nahli. (Lambobin nan na lissafin mushafin Hafsu ne, mai riƙe da na Warshu, wanda aka fi sabawa da shi a makarantun allo, zai iya ganin ɗan bambanci.)

Labarin giya ya faro tun a Makka. Aya ta 67 a Suratun Nahli ta ambaci dabino da inabi, ta ce ana samun abin maye da kuma kyakkyawan arziki daga gare su. Ba ta hana komai ba, amma masu tafsiri sun lura cewa arzikin kaɗai aka siffanta da kyau. A Madina sai aka tambayi Annabi (SAW) game da giya da caca, aya ta 219 a Baƙara ta amsa cewa akwai zunubi babba a cikinsu da wasu amfanoni ga mutane, amma zunubin ya fi girma. Wasu suka bari, wasu suka ci gaba.

Mataki na uku yana da sanadi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa wasu sahabbai sun ci sun sha a wata liyafa, lokacin salla ya yi, limaminsu ya rikita karatun Suratul Kafiruna. Sai ayar Nisa'i ta sauka. Duk wanda ya lissafa salloli biyar zai ga yadda ta matse mashayi: tsakanin Azahar, La'asar, Magariba da Isha'i babu tazarar da mutum zai sha ya wartsake. Abin da ya rage masa shi ne bayan Isha'i ko bayan Asuba. Daga nan aya ta 90 da ta 91 a Ma'ida suka zo, suka kira giya ƙazanta daga aikin Shaiɗan, suka yi umarni da a nisance ta. Bukhari da Muslim sun kawo labarin Anas ɗan Malik, wanda yake zuba wa baƙi giyar dabino a gidan Abu Ɗalha lokacin da mai shela ya sanar da haramcin. Aka ce ya fita ya zubar, har ta kwarara a lungunan Madina. Malaman tarihi sun saɓa kan shekarar, amma bayan yaƙin Uhudu ne na shekara ta 3 bayan hijira.

To mene ne ainihin abin da aka shafe? A nan ne ya kamata a nutsu. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ayar Ma'ida ta shafe ta Baƙara da ta Nisa'i. Sai dai lafazin ayar Nisa'i bai daina aiki ba, domin har gobe wanda hankalinsa ya gushe, bai san abin da yake faɗa ba, ba ya salla a wannan hali. Abin da ya faɗi shi ne izinin da ake fahimta a bayan lafazin, wato cewa a wajen lokacin salla ana iya sha. Haka ita ma ayar Baƙara: maganar cewa zunubin ya fi amfanin girma tana nan daram, zaɓin da aka bar wa mutane ne aka ɗauke.

Saboda haka wasu malamai suka fi son kiran wannan tadriji, wato kafa hukunci sannu a hankali. A ganinsu, hana abin da mutane suke yi tun asali ba tare da wani nassi ya halatta shi ba, ba naskhi ba ne a ma'anarsa ta usulu. Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus, ya bayyana a Muwafaƙat cewa magabata suna amfani da kalmar a faɗaɗe, har ga keɓancewa da ƙayyadewa da ƙarin bayani. Wannan ya sa adadin ayoyin da ake cewa an shafe ya kai ɗaruruwa a wasu tsofaffin littattafai, alhali Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, kuma ɗaya daga cikin mawallafan Jalalaini da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya tace su a Itƙan zuwa kimanin 20. Shah Waliyullah na Delhi, wanda ya rasu a 1762, ya mayar da su biyar kacal. Duka ɓangarorin ba su saɓa kan haramcin giya ba, sunan da za a ba matakan ne suke jayayya a kai.

Ba kowa ke da ikon cewa an shafe aya ba. Dole ta kasance ta hukunci, domin labarin annabawa, tauhidi da bayanin lahira ba sa shafuwa. Dole a rasa hanyar haɗa ayoyin biyu, kuma a san wadda ta riga sauka ta hanyar ruwaya. Jerin mushafi ba ya nuna haka: aya ta 234 a Baƙara, mai takabar wata huɗu da kwana goma, tana gaban aya ta 240 mai maganar shekara guda, amma mafi yawan malamai sun ce ta 234 ce ta shafe ɗayar. Naskhi kuma ya rufe da rasuwar Annabi (SAW), tunda wahayi ya yanke.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne amsar saurayin da ke cewa shi yana matakin Nisa'i tukuna, ko giyar kwalba yake sha, ko burkutu, ko ƙwayar tiramol don maye. Matakan sun wuce, hukuncin Ma'ida ne ke kansa, kuma hadisin Muslim ya sanya duk abin da ke bugarwa a ƙarƙashin sunan giya. Abin da malamai ke ɗauka daga tarihin shi ne salon tarbiyya. Bukhari ya ruwaito Nana A'isha tana cewa da hana giya ne farkon abin da ya sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba. Wanda jikinsa ya kamu sosai, likitoci kan janye shi a hankali, domin yanke giya farat ɗaya na iya jawo karkarwa da farfaɗiya. Wannan magani ne a hannun asibiti, bai mayar da abin halal ba.

Su ma sahabbai sun yi tasu tambayar a ranar da aka zubar da tuluna: ina makomar 'yan uwansu da suka rasu suna sha, har da waɗanda suka sha da safiyar Uhudu suka yi shahada a ranar? Aya ta 93 a Ma'ida ta sauka ta ɗauke laifi daga muminan da suka sha kafin haramci, domin sun rayu sun mutu a ƙarƙashin hukuncin da ke aiki a lokacinsu.