Harajin Bai-ɗaya ko Mai Hawa-hawa: Wanne Ya Fi Adalci?

Tun daga 1 ga Janairun 2026 sabuwar dokar haraji ta fara aiki a Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025. Dokar ta raba kuɗin shigar mutum na shekara zuwa hawa shida. Naira 800,000 na farko ba a taɓa su. Miliyan 2 da 200,000 da ke biye ana cire musu kashi 15 cikin 100, daga nan kaso ya hau zuwa 18, sai 21, sai 23, har ya tsaya a kashi 25 ga duk abin da ya haura miliyan 50. Akwai masu ganin cewa da an yanka kaso guda ga kowa da an fi yin adalci. Wannan ita ce muhawarar da ta haɗa wasu ɗalibai biyu 'yan ajin ƙarshe a jami'a, shi yana karatun tattalin arziki, ita kuma aikin akanta.

Shi ne ya fara. "Malama, ni a wurina adalci shi ne a auna kowa da mudu ɗaya. A ce kashi 15 cikin 100, shi ke nan. Mai miliyan ɗaya ya ba da 150,000, mai miliyan 100 ya ba da miliyan 15. Mai kuɗi ai ya riga ya fi biya, ninki 100 ma. To don me za a ƙara masa kaso? Laifi ya yi da ya nema ya samu?"

Ta ce, "Malam, kafin mu yi nisa bari in raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai harajin da ake yanka wa kowa kuɗi iri ɗaya, irin wanda ake karɓa a kan kowane baligi a Arewa, wanda gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke tare da jangali bayan sun hau mulki a 1979. Na san ba shi kake karewa ba. Kai kaso ɗaya kake so, ba kuɗi ɗaya ba. Amma ciwon da ya sa talakawa suka tsani wancan yana nan a cikin naka, sai dai ya ɗan yi sauƙi."

Ya nemi ta nuna masa a lissafi, sai ta zana mutum uku a takarda. Ta ce a ɗauka an riga an cire kuɗin fansho da sauran rangwamen da doka ta yarda da su, abin da ya rage shi ne ake yi wa haraji. Na farko malamin makaranta ne mai naira 100,000 a wata, wato miliyan 1 da 200,000 a shekara. Ta biyu ma'aikaciyar banki ce mai miliyan 6. Na uku manajan kamfani ne mai miliyan 60.

"A dokar yanzu," in ji ta, "malamin nan 400,000 ne kawai suka haura layin da ba a taɓawa, harajinsa 60,000 a shekara, wato 5,000 a wata. Ma'aikaciyar banki za ta biya 870,000. Manaja kuma miliyan 12 da 930,000. Yanzu mu sa naka kashi 15 ɗin. Malami zai koma biyan 180,000, ya ninka sau uku. Ma'aikaciyar banki 900,000, kusan yadda take. Manaja ya sauko zuwa miliyan 9. Ka ga an sauke wa na sama kusan miliyan 4, an ɗora wa na ƙasa ƙarin 10,000 kowane wata."

"Amma dai kaso ɗaya suka biya," ya ce.

"Kaso ɗaya ne, zafin ne ba ɗaya ba. Naira 10,000 a gidan malamin nan kuɗin mota ne zuwa makaranta, ko maganin yaro idan zazzaɓi ya kama shi, ko wasu kwanukan hatsi. Albashinsa kaf a ci da haya da makarantar yara yake ƙarewa, duk abin da aka cire daga bakin tukunya aka cire shi. Shi kuwa manaja, ko an karɓi kashi 25 na miliyan 10 ɗinsa na ƙarshe, abincin gidansa ba zai sauya ba, ajiyarsa ce za ta ragu. Ku ne fa masu tattalin arziki kuka koya mana cewa amfanin naira yana raguwa gwargwadon yawan waɗanda ke hannun mutum."

Ya yarda da wannan, amma ya ce ba a gama ba. Masu goyon bayan harajin bai-ɗaya na gaskiya, in ji shi, ba su ce a taɓa talaka ba. Ana ware wani adadi a ƙasa a yafe shi, sannan a sa kaso guda a kan abin da ya haura. Ya kawo misalin zakka: akwai nisabi, wanda bai kai shi ba ba ta hau kansa ba, wanda ya kai kuma ɗaya bisa 40 zai fitar, ko dukiyarsa ta tsaya a bakin nisabin ko ta ninka shi sau dubu.

Ta ce zakka ibada ce mai nata hukunci, kuma ba a kan albashin wata take ba. A kan dukiyar da ta shekara a ajiye take, kuma an ƙayyade masu karɓarta, matalauta da miskinai na kan gaba. Mai ci hannu baka hannu ƙwarya ba ya fitar da ita, karɓa ma yake yi. Saboda haka ba za a ɗauko kasonta a bar sauran tsarinta ba. "Amma mu gwada shawararka," ta ce. "A yafe 800,000 na farko. Tunda an yafe, kashi 15 ba zai tara wa gwamnati abin da take samu ba, dole a ɗaga. Mu sa 20."

Suka lissafa tare. Malami ya tashi da 80,000 maimakon 60,000. Ma'aikaciyar banki miliyan 1 da 40,000 maimakon 870,000. Manaja miliyan 11 da 840,000, ya samu sauƙin fiye da miliyan ɗaya. Ta nuna masa abu biyu. Na ɗaya, da zarar an yafe na ƙasa, tsarin ya zama mai hawa biyu, sifiri da 20, kuma malami kusan kashi 7 na samunsa yake biya alhali manaja kusan kashi 20. Wato shi kansa ya amince mai kuɗi ya fi biyan kaso, saura kawai a yi ciniki kan yawan hawan. Na biyu, idan aka rushe hawan sama, giɓin a kan na tsakiya yake faɗawa.

Sai ya sauya hanya. Ya ce hawa-hawa yana kashe wa mutane gwiwa, domin ya ji ma'aikata na cewa gara kada a ƙara musu albashi idan ƙarin zai jefa su hawa na gaba.

"Wannan kuskuren fahimta ne," ta ce. "Sabon kaso ba ya hawa kan kuɗin duka, kan abin da ya tsallaka layi kawai yake hawa. Mai miliyan 3 daidai harajinsa 330,000. Idan aka ƙara masa 100,000, su kaɗai za a cire wa kashi 18, wato 18,000, ya tafi gida da ƙarin 82,000. Hanyar gane an yi maka kuskure a takardar albashi ke nan: idan ƙari ya sa abin da kake karɓa ya ragu, to wani ya ɗora kason sama a kan kuɗin gaba ɗaya."

A nan ne ya kawo hujjarsa mafi ƙarfi, ita ma ta saurara da kyau. Ya ce doka mai sarƙaƙiya mai kuɗi take yi wa amfani, domin shi ke iya ɗaukar akanta da lauya. Idan kaso ya bambanta, sai attajiri ya rarraba samunsa da sunan mata da 'ya'ya da kamfani don kowane kaso ya faɗa hawan ƙasa. Idan kaso ɗaya ne, wannan dabarar ba ta da riba sosai. Ya tuna mata cewa Estoniya ta fara harajin bai-ɗaya na kashi 26 a 1994, Rasha ta bi da kashi 13 a 2001, kuma kuɗin da Rasha ke tarawa daga harajin mutane ya ƙaru bayan nan.

Ta amsa cewa ya ƙaru, amma masana sun yi saɓani kan dalili, domin a shekarun nan tattalin arzikin Rasha yana bunƙasa, albashi yana hawa, an kuma tsaurara karɓar haraji. Ta ƙara da cewa ƙasashe da dama sun juya baya. Silobakiya da ta sa kashi 19 a 2004 ta ƙara hawa na kashi 25 a 2013. Rasha kanta ta ƙara kashi 15 ga masu babban samu a 2021, a 2025 kuma ta koma hawa biyar, daga 13 zuwa 22. Game da sarƙaƙiya kuwa, ta ce wahalar haraji ba a yawan hawa take ba, ko wayar hannu za ta lissafa hawa shida nan take. Wahalar tana wajen sanin nawa mutum ya samu da abin da aka yafe masa.

Wannan ne wurin da suka haɗu. Ma'aikaci ana cire masa haraji kafin albashi ya shiga asusunsa, ba shi da wurin ɓuya. Babban ɗan kasuwar da ke juya miliyoyi da tsabar kuɗi, ba rasiti ba littafin ciniki, abin da ya faɗa wa hukumar tara haraji ta jiha shi ne sau da yawa ake aiki da shi. Ɗalibin ya ce kashi 25 da ke kan takarda ba shi da amfani idan wanda aka yi dominsa ba ya cikin rajista. Ta ce haka ne, amma kashi 15 ma ba zai kamo wanda ya saba biyan sifiri ba.

A ganina ɗalibar ta fi gaskiya a kan adalci, ɗalibin kuma ya fi gaskiya a kan aiwatarwa. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 a wata, kuma kowa yana biyan harajin kayan masarufi na kashi 7.5 ba tare da an duba aljihunsa ba, harajin kuɗin shiga shi ne wurin da ake iya daidaita nauyi da ƙarfin mai ɗauka. Hawa kaɗan, yafiya ga na ƙasa, da toshe kafofin zillewa sun fi kaso guda kusa da adalci. Amma layin 800,000 yana bukatar a riƙa ɗaga shi idan farashi ya tashi, in ba haka ba hauhawar farashi za ta tura ƙaramin ma'aikaci hawan sama alhali abin da albashinsa ke saye bai ƙaru ba. Duk wanda ya zo da shawarar sauya tsarin haraji, a nemi ya lissafa abin da malami da ma'aikaciyar banki da manaja za su biya kafin sauyin da bayansa, sannan a tambaye shi yadda zai shigo da masu samun da ba su taɓa biya ba.