Biyan Kuɗi Bayan Kaya Sun Iso: Abin da Ake Dubawa Kafin a Sallami Ɗan Saƙo

A cinikin intanet akwai tsarin da mai saye ba ya biyan ko sisi sai kaya sun iso ƙofar gidansa. Kamfanoni irin su Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012, sun taimaka wajen yaɗa shi a Najeriya, saboda mutane da yawa ba su yarda su tura kuɗi ga wanda ba su taɓa gani ba. Yau masu sayar da atamfa, turare da takalma ta WhatsApp da Instagram suna aiki da shi. Amfaninsa yana cikin 'yan mintocin da ɗan saƙo ke tsaye da babur ɗinsa a ƙofar gida. Da zarar kuɗi sun fita, sai yadda mai kaya ya ga dama.

Aikin yana farawa tun ranar yin oda. Ya kamata a daddale abu uku a rubuce: ainihin kayan tare da hotonsu, kuɗin kaya daban da kuɗin kawowa, da izinin buɗe ƙunshi kafin a biya. Na ukun ne aka fi mantawa, kuma shi ke haddasa cacar baki. Ɗan saƙo ba shi ya ɗaure kayan ba, sau da yawa bai ma san abin da ke ciki ba, kuma wasu kamfanoni ba sa barin a yage hatimin masana'anta kafin biya. Idan akwai saƙon mai kaya da ke cewa a buɗe, sai a nuna masa a waya, magana ta ƙare.

A ɗauki misalin matar aure a Zariya da ta yi odar atamfa turmi uku da leshi ɗaya daga wata mai saro kaya a Kantin Kwari da ke Kano. Kafin ta taɓa leda, za ta karanta takardar da ke manne a jiki: suna, lambar waya da adadin kuɗi. Ɗan saƙo yakan ɗauko ƙunshi masu yawa a leda iri ɗaya, saboda haka musanya ba wuya. Sannan ta duba salatif. Idan an yanka shi an sake liƙa wani a kai, akwai alamar an buɗe a hanya. Sai ta yanka a hankali a gabansa, wani na ɗaukar bidiyo da waya.

A nan ne ake bukatar natsuwa. Turmin atamfa yadi 6 ne, leshi kuwa yawanci yadi 5 ake yankawa, kuma ninki yakan ɓoye ragi, don haka sai an warware an auna. Za ta kai zanen inda hasken rana yake ta gwada shi da hoton da aka turo mata, ta karanta sunan da ke bakin zanen. Ɗan bambancin launi na iya zama laifin fuskar waya. Amma idan zanen furen ya bambanta, ko aka samu turmi biyu maimakon uku, an yi kuskuren ɗauri.

Waya kuwa tana da nata gwajin. Idan an amince a buɗe kwalin, danna `*#06#` zai fito da lambar IMEI, wadda dole ta yi daidai da wadda ke jikin kwali.

Idan kayan ba su ne ba, mai saye zai kira mai kaya nan take, ɗan saƙo na tsaye yana ji, ya tura hoto, a mayar da komai cikin ledarsa a ɗaure. Kada ya yarda da "karɓi tukuna, gobe za a canza maka", sai dai in ya san mai kayan sosai. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su dace da bayanin da aka yi masa ba. Kuɗin kawowa a irin wannan hali adalci ne ya hau kan wanda ya yi kuskuren, ba kan ɗan saƙon da ya ƙona mansa ba. Wanda kuwa ya ƙi kaya don kawai ya canza ra'ayi, ya kamata ya biya kuɗin hanya.

Idan komai ya yi daidai, sai a biya ta hanyar da aka amince tun farko. Mai yin tiransifa ya tabbatar sunan asusun ya dace da wanda mai kaya ya bayar, ya kuma ajiye rasit ɗin tare da ledar da takardarta har sai an wanke zanen an ga bai zuba ba.