Takardar Babban Wa: Yadda Ake Shimfiɗa Shawarar Rabon Gado a Tsakanin 'Yan'uwa

Idan magidanci ya rasu a ƙasar Hausa, da an watse daga zaman makoki sai ido ya koma kan babban ɗansa. Makullin shago a hannunsa yake, takardun gida suna wurinsa, masu bin bashi shi suke yi wa sallama. Amma shari'a ba ta ƙara masa ko ƙwandala a kan ƙaninsa namiji saboda ya riga shi zuwa duniya, kuma ba ta ba shi ikon yanke wa kowa rabo ba. Abin da yake hannunsa amana ce, abin da zai faɗa kuma shawara ce. Shi ya sa nake ganin babban wa mai hankali ya fi kyau ya zauna ya rubuta wa ƙannensa takarda, kowa ya karanta a natse, na gida da wadda ke aure a wani gari, maimakon a tara mutane a zaure a yi magana da baki, gobe kowa ya ce ba haka ya ji ba.

Bari mu ɗauki misalin gida guda mu bi takardar daki-daki. Ɗan kasuwa ne ya rasu ya bar mahaifiyarsa da rai, da mata biyu, da 'ya'ya maza 6 da mata 5. Akwai kuma wani ɗansa da ya riga shi rasuwa, ya bar ƙananan yara. Ga yadda babban ɗan ya buɗe magana:

"Zuwa ga ƙannena duka, na ɗakin Hajiya da na ɗakin Inna. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da ku abin da Baba ya bari, da abin da ake bin sa, da yadda nake ganin za a raba. Ni ɗaya ne daga cikinku, rabona daidai da na Auta. Duk wanda ya san wata dukiya ko wani bashi da ban ambata ba, don Allah ya faɗa kafin mu je gaban malam."

Daga nan sai ya jera dukiyar da kuɗinta. Gidan da ake zaune a ciki naira miliyan 30, gona miliyan 12, kayan shago miliyan 6, kuɗi a banki miliyan 5, jimla miliyan 53. Ya kuma bayyana cewa dillalai biyu ne, waɗanda ba su haɗu da juna ba, suka yi wa gida da gonar kuɗi, ya haɗa da takardunsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin zaluncin da ake yi a gado a wajen ƙiyasta kuɗi ake yin sa, lissafin kuwa a fito da shi tsaf. Wanda yake so ya riƙe gida sai ya sa a karya masa daraja, gonar da za a tura wa mata kuma a hura mata kuɗi.

Kafin a kai ga magada, akwai haƙƙoƙi uku da ake fitarwa bi da bi: hidimar jana'iza, sai bashi, sai wasiyya. A takardar, likkafani da haƙar kabari da sauran hidima sun ci naira dubu 200. Ya lura bai sa kuɗin abincin baƙi na sadakar uku da ta bakwai ba, ya ce su manya ne suka ɗauki nauyi daga aljihunsu, don akwai marayu ƙanana a cikin magada kuma ba a ciyar da baƙi da dukiyar maraya. Bashi kuwa iri biyu ne: miliyan 1 da dubu 800 na wani abokin ciniki, sai miliyan 1 na amarya, wadda ta sayar da sarƙarta ta zinariya ta ranta wa mijinta a gaban shaidu. Irin wannan bashi ne aka fi dannewa, a ce ai mata da miji ne. Bashi ne kamar kowane, ana biyan ta shi daban, sannan ta karɓi gadonta.

Wasiyyar ita ce miliyan 2 da marigayin ya ce a ba jikokinsa, 'ya'yan ɗan da ya rasu. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a na arewacin Najeriya suke hukunci da ita, jikan da ubansa ya riga kakansa mutuwa ba ya gado muddin akwai ɗa namiji da rai. Ƙasar Masar ta yi doka a 1946 da ta wajabta a fitar wa irin waɗannan jikoki wani kaso, amma a wurinmu sai in kakan ya yi wasiyya, ko magada sun tausaya daga nasu rabon. Wasiyyar nan ta inganta domin jikokin ba magada ba ne, kuma ba ta kai sulusin dukiyar ba. Da wani ɗa ko wata mata ya yi wa ita, da ba ta zartu ba sai sauran magada sun amince.

An cire miliyan 5 ke nan, saura miliyan 48. Rabon yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Matan marigayi suna da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, tunda akwai 'ya'ya, kuma tumunin nan guda ɗaya ne za su raba tsakaninsu ko su huɗu ne. Mahaifiyarsa tana da sudusi, ɗaya cikin shida. Abin da ya rage na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki ninki biyu na mace. Masana ilimin fara'ili suna kasa irin wannan dukiya gida 24: mata su ɗauki 3, uwa 4, 'ya'ya 17. Maza shida suna da kaso 12, mata biyar suna da 5, ya tashi 17 cif. Kowane kaso miliyan 2 ne. Don haka kaka tana da miliyan 8, kowace mata miliyan 3, kowane ɗa miliyan 4, kowace 'ya miliyan 2. 'Yan'uwan marigayin, baffanni da gwaggwanni, ba su da komai a nan saboda ɗa namiji ya kange su.

Lissafin bai ci rabin shafi ba. Inda takardar ta daɗe shi ne kan abubuwan da ake jayayya ko na gado ne ko ba na gado ba, kuma a nan ne ake gane adalcin mai rubutu. Akwai fili da marigayin ya ba ɗansa na uku shekarun baya, yaron ya kewaye shi ya haƙa rijiya. Wannan ya fita daga gado, domin kyauta ce da aka karɓa aka mallaka tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Akwai kuma gonar da shi babban ɗan yake cewa Baba ya sha faɗa masa cewa tasa ce, amma har ya rasu shi yake noma ta, amfaninta rumbunsa yake shiga. A Malikiyya kyautar da ba a karɓa a hannu ba har mai ita ya rasu ta ɓaci, ta koma cikin gado. Ga abin da ya rubuta: "Kun san maganar da Baba ya yi mini a kan gona. Na tambayi malamai, sun ce tunda ban karɓe ta yana raye ba, ba ni da ita. Na sa ta cikin lissafi." Wanda ya fara yanke hukunci a kan kansa haka, ƙannensa za su saurari sauran maganarsa.

Sai babbar matsala: gida na miliyan 30, alhali babu magajin da rabonsa ya wuce miliyan 8. Ko a sayar a raba kuɗi, ko wasu su haɗa rabonsu su riƙe. Shawararsa ita ce ɗakin uwargida, mai maza huɗu da mata biyu, wanda rabonsu da na mahaifiyarsu ya kama miliyan 23, su riƙe gidan tare da kaka, ta shiga da miliyan 7 a ba ta cikon miliyan 1 a hannu. Ɗakin amarya, mai maza biyu da mata uku, rabonsu da nata miliyan 17, a haɗa da bashinta ya zama 18, su ɗauki gona da kayan shago. Kuɗin banki kuma su biya jana'iza da ɗan kasuwa da wasiyya da cikon kaka.

A takarda komai ya yi daidai, amma ni da ina cikin ƙannen nan da na tsaya a wuri uku. Na farko, kayan shago ba sa jira: darajarsu tana sauka, wasu su lalace, gida kuwa kullum hawa yake, ga shi ɗakin da aka tura wa kayan shi ne mai ƙananan yara, kuma shi ne zai rasa muhalli. Amarya tana da haƙƙin zama a gidan mijinta har ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma, amma bayan nan ina za ta kai yara? Na biyu, yaron da bai balaga ba ba shi da yardar da za a dogara da ita, kuma yayansa da zai amfana da musayar ba zai sa hannu a madadinsa ba. Sai wasiyyin da uba ya naɗa ko wanda alƙali ya wakilta. Na uku, rabon kaka a cikin gidan, ranar da ta cika, 'ya'yanta ne za su gaje shi, wato baffannin nan za su shigo gidan ta wata ƙofa. Gara a biya ta kuɗinta tun tana raye, ko a rubuta a fili cewa kowa ya san da haka.

Haɗa rabo ɗaki-ɗaki ma yana da nasa haɗari, domin a nan ne haƙƙin 'ya'ya mata yake nutsewa. A ce wa mace rabonki yana cikin gida, shekara ashirin ba ta ga haya ba, ba ta ga takarda ba, in ta yi magana a ce ta raba zumunci. Dole a rubuta sunan kowace da adadin abin da take da shi, kuma wadda ta ce a hannu take son nata, a sayi rabonta da farashin ranar a ba ta. Yafewar da aka samu da kunya ko da matsin iyaye ba yafewa ba ce.

Abin da ya sa takardar nan ta ci sunanta shi ne yadda ta rufe. Ya ce in wani bai gamsu da wanda zai ɗauki gida da wanda zai ɗauki gona ba, a sayar da komai a raba kuɗi, shi ya yarda. Ya sa ranar da za a haɗu bayan iyayensu mata sun fita takaba, wanda hakan zai kuma tabbatar ko akwai ciki, domin in akwai, Malikiyya ta ce a dakata da rabo har a haihu. Ya nemi a kai lissafin gaban malamin da ya san fara'ili ya duba, sannan a je kotun shari'a a tabbatar, kowa ya karɓi takardar rabonsa da shaidu.

Kai da aka bar wa makulli, kada ka jira sai shekara ta zagayo, wani magajin ya mutu, gado ya hau kan gado. Ka rubuta abin da ke hannunka duka, ka aika wa kowa, har ƙanwarka da ke aure nesa, kafin ka taɓa ko sisi.