In an ja ƙarfe ya miƙe, ina kaurinsa yake tafiya?

Duk wanda ya taɓa jan robar danƙo ya ga yadda take sirancewa yayin da take ƙara tsawo. Rodin gini ma haka yake yi in aka rataya masa nauyi, sai dai ido ba ya gani. Mutane da yawa suna ɗauka abin da tsawo ya samu shi ne daidai abin da kauri ya rasa, wato jikin ƙarfen bai ƙaru ba bai ragu ba. Lissafi bai yarda da haka ba.

Injiniyoyi ba sa auna miƙewa da milimita tsagwaronta, suna auna ta ne bisa tsawon asali. Rodi mai mita 2 in ya ƙaru da milimita 2, ya miƙe da kashi 1 cikin 1,000. Haka ake auna ramewar kauri, bisa kaurin asali. In aka raba ramewar da miƙewar, lambar da ta fito ita ce adadin Poisson, sunan masanin lissafin Faransa Siméon Denis Poisson, wanda ya rayu daga 1781 zuwa 1840. Ana rubuta shi da harafin Girka ν. Shi kansa Poisson lissafinsa ya nuna masa 0.25 ga duk abu mai jiki bai ɗaya, amma awo ya nuna kowane abu da nasa: ƙarfe kusan 0.3, alminiyam kusan 0.33, kankare tsakanin 0.15 da 0.2, roba dab da 0.5.

Mu ɗauki rodi mai santsi, kaurinsa milimita 16, tsawonsa mita 2, mu rataya masa nauyin tan 4. Wannan nauyin zai miƙar da shi kusan milimita 2, wato 0.001 na tsawonsa. Kaurin zai rame da 0.3 na wannan, wato 0.0003. In aka ninka da milimita 16, ramewar ba ta kai milimita 0.005 ba. Tef ɗin magini ba zai kama ta ba, sai na'urar awo ta ɗakin gwaji.

To, yaya girman jikin, wato gurbin da rodin ya cika? Ya ƙaru ta fuska ɗaya, tsawo, amma ya rame ta fuska biyu, domin kauri yana da faɗi ta nan da ta can. Saboda haka ana cire ramewar sau biyu. In ε ita ce miƙewa, V kuma girman jiki:

ΔV/V = ε(1 − 2ν)

A rodinmu, 0.001 aka samu, aka rasa 0.0003 sau biyu, saura 0.0004. Jikin rodin kusan mililita 402 ne, don haka ya ƙaru da kusan mililita 0.16, kamar ɗigon ruwa uku. Babu ƙarfen da aka ƙara, nauyinsa yana nan yadda yake. Ƙwayoyin zarra ne suka ɗan ja da baya daga juna, kuma da an sauke kayan za su koma mazauninsu.

A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Wani ya mance da ninkin biyun, ya sami 0.0007. Wani kuma ya raba milimita 0.005 da milimita 2 kai tsaye, ya sami lamba 'yar mitsitsiya, alhali sai an fara raba kowanne da asalinsa. Akwai hanyar gane kuskure cikin sauƙi: in adadin da ka samu na ƙarfe ya haura 0.5, koma ka duba, domin hakan na nufin ka ja abu ya ƙanƙance, kuma abu mai jiki bai ɗaya ba ya yin haka. A daidai 0.5 abin da ke cikin baka ya zama sifili, shi ya sa roba ce kusan kaɗai ta dace da zaton da mutane suke yi.

Amma dokar tana da iyaka. Tana aiki ne muddin miƙewar kaɗan ce, ƙarfen kuma yana iya komawa yadda yake. In nauyi ya wuce ƙarfinsa har ya fara miƙewar da ba ta komawa, sassan cikinsa zamewa suke yi a kan juna, wannan ƙarin miƙewar kuma ba ta canza girman jiki, sai adadin ya doshi 0.5. Daga bisani ramewar takan taru wuri guda, rodin ya yi wuya siriri, a nan kuma yake tsinkewa. Don haka in ka ga rodi ko ƙusa mai zare ta sirance har ido yana gani, ta riga ta wuce iyakarta, cire ta kawai za a yi.